Ɗaki Na Huɗu, Jikin Gidan Burodi

Saƙon ya shigo wayar Hajiya tana tsaka da shanya zannuwan gado. Masu manhajar da baƙi ke kama ɗaki ta cikinta ne suka aiko, cikin ladabin nan nasu mai sa gaban mutum faɗuwa. Sun ce baƙi uku sun kai ƙara cewa abin da suka karanta ba shi suka tarar ba, kuma idan aka sake kawo irin wannan ƙarar, za a dakatar da shafin masaukinta.

Ta zauna a kan bokiti, ta sake karantawa. Gidan na mahaifinsu ne. Bayan rasuwarsa ita ta roƙi ƙannenta kada a sayar, a bar ta ta mai da shi masauki mai ɗaki huɗu. Suka yarda, amma da sharaɗin in ya kasa tsayawa da ƙafarsa, a sa shi a kasuwa. Titin nasu lungu ne, babu baƙon da zai faɗo gidan da kansa. In shafin ya tafi, gidan ya tafi.

Wanda ya rubuta bayanin ɗakunan kuwa autansu ne, dillalin gidaje, mutumin da zai nuna maka kango ya ce iska ce ta yi masa yawa. Ta kira shi, ya zo yana ƙamshin turare, da makullai cike da aljihu.

"Auta, karanta min abin da ka rubuta a ɗaki na biyu."

Ya gyara murya. "Katafaren ɗaki mai kallon lambu."

"Ina lambun?"

"Haba Yaya, ga gwanda can."

"Guda ɗaya ce, ita ma ta maƙwabta ce ta leƙo. Wurin ninkaya fa? Na ga ka danna cewa muna da shi."

"Akwatuna ne suka jero, kowanne da sunan abu, aka ce a zaɓa. Ni kuwa na ga barin akwati fayau kamar rowa ce. Kuma ai akwai tankin ƙasa."

Ta buɗe masa sharhin baƙi. Wata mata ta rubuta cewa ta zo da 'ya'yanta da kayan wanka, aka nuna musu murfin tanki. Wani ya ce katafaren ɗakin, in ka buɗe akwatinka sai kai ka fita. Auta ya ce a goge. Ta ce ba a gogewa, abin da baƙo ya rubuta ya zauna, amsa kawai ake iya bayarwa a ƙasa. Ya ɗaga kafaɗa, ya ce dama akwai wani alhaji da ya daɗe yana tambayar gidan, zai rushe ya yi shaguna.

Mijinta, Malam, yana gefe yana jin su. Shekara talatin ya yi yana aikin duba-gari kafin ya yi ritaya, kuma har yau in ya shiga gidan mutane kwata yake fara kallo kafin ya gaisa. Ya miƙe ya ce, "Hajiya, ba ni aikin nan. Wannan ƙanin naki ko gaisuwa ya yi sai an rage mata kashi uku."

Kwana biyu Malam yana zagaya ɗakuna da tef ɗin awo da tocila. Ya cire alamar wurin ninkaya, da ta wurin motsa jiki, da ta lambu. Ya sa faɗin kowane ɗaki daidai, da irin gadon da ke ciki. Har nan Hajiya ta ji daɗi. Sai da ta ga hotunan, murnarta ta koma ciki: hoton farko, wanda kowa ke fara gani, tsagewar bangon banɗaki ce, da yatsan Malam yana nuna ta. A ƙarƙashi ya rubuta: "Ɗaki na ɗaya. Tsagewa guda. Famfo na ɗiga sau tara a minti. An ga kyankyaso ɗaya ranar Talata, an ɗauki mataki."

"Malam, masauki nake tallatawa ko sammaci kake ba ni?"

"Akwai ƙarya a ciki?"

Babu. Haka ma babu baƙo. Mako biyu wayar ba ta yi ƙara ba. Auta ya riƙa zuwa gaisuwa fiye da yadda ya saba, yana taka tsakar gida da dogon taku, kana gani ka san ƙafa yake ƙirgawa. Hajiya ta tsorata ƙwarai, don a bakin rijiyar tsakar gidan mahaifinta yake zama yana gyaran rediyo, kuma ba ta iya tunanin an zuba siminti a wurin an jera shaguna.

Ran nan wani direban babbar mota da ya san gidan tun da can, ya tsaya neman ɗaki. Ba ta ko yi tunani ba ta ce, "Na uku zan ba ka. Tagarsa bango take kallo, rana ba ta shiga, ka yi barcinka har la'asar." Ya yi godiya kamar ta ba shi kyauta. Tana miƙa masa makulli abin ya faɗo mata a rai. Aibin da Auta ya ɓoye, Malam kuma ya sa a gaba, shi ne ta sayar yanzu a tsaye, ba tare da ta ƙara ko ta rage ba.

Ta sa aka gyara famfon, aka toshe tsagewar. Ta buɗe labule da hantsi ta ɗauki hotuna daga bakin ƙofa, yadda mai shigowa zai gani, gado da taga da banɗaki. Sannan ta zauna ta rubuta kamar baƙon na tsaye a gabanta. Na biyu: "Ƙarami ne, na mutum ɗaya da jaka ɗaya. Katifar sabuwa ce, ruwan zafi na zuwa da wuri." Na uku: "Ba shi da abin kallo ta taga, amma duk gidan babu inda ya kai shi sanyi da duhu. Mai barcin rana zai gode mana."

Na huɗu ne ya ba ta wuya. Shi ne mafi faɗi, amma bangonsa ɗaya da gidan burodi. Ta rubuta ta goge sau biyar, sannan ta bar shi haka: "Ƙarfe biyar na asuba injin gidan burodi yake tashi, kuma za ka ji shi har cikin haƙoranka. In mai son barcin safe ne kai, ɗauki na uku. In sammako za ka yi, ga ɗakinka, da ƙamshin burodi mai zafi."

Auta ya karanta ya riƙe baki. "Yaya, da hannunki kike korar baƙi?"

Bayan kwana uku wayar ta yi ƙara. An kama na huɗu, da saƙo a tare. Baƙon ya ce malamin makaranta ne, yana da ganawar neman aiki ƙarfe bakwai, kuma barcinsa nauyi gare shi, agogon waya ma cikin barci yake kashe shi. Saboda injin nan ya zaɓi ɗakin.

Ya iso da yamma, dogo mai ƙiba, ya goge rigarsa ya rataye, ya shige.

Washegari Hajiya ta farka, ta ji wani abu ba daidai ba. Ta kasa kunne. Shiru. Ta duba agogo, biyar da kwata. Ta yafa mayafi ta leƙa gidan burodi, ta tarar da ma'aikata zaune a kan buhunan fulawa. Bel ɗin injin ya tsinke, sai an buɗe kasuwa.

Shekara shida injin nan yana hana ta barci, bai tashi yin hutu ba sai ranar da ta sa shi a rubuce.

Ta ruga ƙofar na huɗu ta ƙwanƙwasa. Ta buga da tafin hannu. Ta kira wayarsa, tana jin ta tana ruri a ciki, sai kuma aka kashe, minshari ya ci gaba. Malam ya fito da tocilarsa. Ta ce ya ɗauko ɗayan makullin.

"Ba a buɗe wa baƙo ƙofa yana kwance. Doka ce."

"To in ya makara fa? Ƙara ɗaya ta rage mana, Malam!"

Ya tsaya yana tunani. "Me kika rubuta? Ƙara ƙarfe biyar, ta wajen gidan burodi?"

"Eh."

"To abin da aka rubuta shi za a tarar."

Ya shiga kicin ya fito da babbar tukunyar ƙarfe da ludayi. Ya zagaya ta bayan gida, daf da gidan burodi, ya tsaya ƙarƙashin tagar, ya gyara hularsa, ya fara. Mutumin da ya shekara talatin yana gargaɗin masu damun maƙwabta, shi ne yau yake dukan tukunya da iya ƙarfinsa, fuskarsa a murtuke kamar yana bakin aiki. Karnuka suka ɗauka. Direban nan, da ya sake sauka a na uku, ya leƙo ya tambaya ko gobara ce. Masu burodi suka ga abin ya yi kyau, suka fito da farantan gashi suka taya shi.

Sai shida saura kwata tagar ta buɗe. Malamin makarantar ya leƙo da ido ɗaya, ya dubi dattijo da tukunya, ya dubi agogo, ya yi salati ya ɓace.

Kwana biyu Hajiya ba ta ci abincin kirki ba. Ran na uku sharhin ya fito, Auta na nan, Malam na nan. Tauraro huɗu cikin biyar. Ta karanta a fili: "Ɗakin yadda aka faɗa yake, faɗinsa da tsabtarsa. Na rage tauraro ɗaya don an ce inji ne, na tarar dattijo ne da tukunya, kuma ya makara da minti arba'in da biyar. Amma na isa a kan lokaci. Zan dawo."

Malam ya ce, "Ya yi adalci. Na makara."

Hajiya ta yi dariya har hawaye suka zubo, kuma ba duka na dariya ba ne. Baƙon bai kai ƙara ba. Auta ya ce maza a ƙara a shafin cewa akwai makaɗa na musamman masu tashin baƙi. Ta ce a'a. Ta ƙara layi ɗaya kawai: "Injin na maƙwabta ne, wata rana yakan lalace. In tashinka na da muhimmanci, gaya mana tun da yamma."

A makon aka kama ɗaki uku. Auta yana zaune a bakin rijiya yana kallon baƙi na shigo da jakunkuna, sai wayarsa ta yi ƙara. Alhajin nan ne mai son yin shaguna. Ya dubi yayarsa tana ninke tawul, ya ɗan juya baya, ya rage murya, amma ta ji shi sarai.

"Alhaji, gaskiya gidan nan ba zai yi maka ba. Lungu ne, mota ba ta juyawa. Ga injin burodi tun asuba. Lambu? Wane lambu, ranka ya daɗe, gwanda ɗaya ce, ita ma ba tamu ba ce."