Jar Ƙanƙara a Gindin Leda

Hoton ya shigo wayar Yusra ne tana ofis a Wuse, ana shirin tashi sallar azahar. Mahaifiyarta, Hajiya Zulai, ce ta turo shi zauren iyali na waya daga Gwagwalada tun da hantsi, network ya riƙe shi sai yanzu. Leda ce cike da nama a kan faranti, an rubuta a ƙasa: "Rabon cika-ciki ya fito. Ku ga ƙanƙara, masha Allah."

'Yan uwa suka yi ta zuba addu'a da yabo. Yusra kuwa gabanta ne ya faɗi. Shekara bakwai tana aikin duba lafiyar abinci a wata hukumar gwamnati, ta rufe ɗakunan sanyi na mutane a kan abin da bai kai wannan ba.

Ta buɗa hoton da yatsu biyu. A saman naman akwai wasu wurare fari-fari, busassu kamar tsohuwar fata. Wannan bai dame ta ba, ƙunar sanyi ce, iska ta shiga leda ta tsotse ruwan naman; ɗanɗano yake ɓatawa, ba ya kwantar da mutum. Gindin ledar ne matsalar. Jini ya taru a kusurwa ɗaya ya daskare, ja wur, shafe kamar an zuba shi a kwano. Yankakken naman da ta san an zuba shi ɗaiɗai ya manne ya zama dunƙule guda, ga manyan ƙwayoyin ƙanƙara sun lulluɓe shi ta ciki. Nama ba ya zubar da jini yana daskare. Wannan ya narke, ya kwanta cikin ruwansa, sannan ya sake kamawa. Kwana nawa ya yi a narke, hoto ba ya faɗa.

Kuma ta san wa aka dafa wa. Mahaifinta, Malam Saleh, wata na biyu ke nan ana yi masa ƙarin ruwan maganin ciwon daji. Likita ya ja musu kunne cewa jikinsa ba shi da garkuwa, abin da zai ba mai lafiya ciwon ciki na yini ɗaya shi zai iya kai shi gadon asibiti. Naman kuma na ragon layyarsa ne, wanda ya lallaɓa ya yanka da hannunsa ana riƙe da shi. A gidansu, tun suna Zariya, ba a taɓa cinye ragon layya duka ba. Ana ware wutsiya da ɗan abin da ya samu, a ajiye har watan Muharram a yi cika-ciki da shi. Da shanya shi ake yi a bisa murhu har ya bushe ƙayau. Da 'ya'ya suka haɗa wa Hajiya firiza, ta ce ita da hayaƙi har abada.

Ta kira Hajiya, ba a ɗauka ba. Ta sake kira har sau biyar. Hajiya in ta shiga girki, waya tana can ƙarƙashin matashi, ko gobara ake ba za ta ji ba. Wayar Malam kuwa a kashe take tun da ya fara jinya. Yusra ta leƙa ta ce wa oganta akwai matsala a gida, ta sauko ta tari tasi.

Hanyar Gwagwalada ba ta taɓa yi mata tsawo irin na ranar ba. A Giri wata tirela ta gitta hanya, suka yi kusan rabin awa a tsaye. Ta yi ta ba kanta baki: watakila awa kaɗan ya yi a narke, watakila ba a ɗora ba tukuna. Sai ta sake buɗe hoton, jar ƙanƙarar tana nan inda take. Tsoro take ji, ga kuma haushin kanta, domin ita ce ta zaɓi firizar a kasuwa.

Tun daga bakin get ƙamshin farfesu ya tare ta. Hajiya na zaune a kan kujera 'yar tsugunne a ƙofar kicin, tana fifita da murfin roba.

"Lafiya da ranar aiki?" in ji Hajiya. "Ko ƙamshin ne ya kai har Wuse?"

Yusra ta durƙusa ta gaishe ta a gaggauce. "Umma, bayan Sallah an ɗauke muku wuta ta daɗe?"

"Taransifoma ce ta ƙone. Ai an gyara."

"Kwana nawa?"

"Biyar. Amma ko sau ɗaya ban buɗe ba. Bargo biyu na lulluɓa mata. Da wuta ta dawo na duba, komai ya yi tauri kamar dutse."

"Yaushe kika duba?"

"Washegari."

"Umma, firiza ko a cike take, a rufe, kwana biyu take riƙe sanyi. Taki kuma ko rabi ba ta kai ba. Naman nan ya yi kwanaki a narke a cikin zafin garin nan."

"To ba na shinshina ba? Ba wari ko kaɗan. Kuma tun hantsi yake tafasa, wace cuta ce za ta tsira a tukunyar nan?"

"Hanci ba ya jin komai da komai, balle nama na daskare. Wuta tana kashe ƙwayoyin cuta, amma akwai waɗanda ke barin guba, ita kuma tafasa ba ta ɗauke ta. Mu watakila mu ci mu tashi lafiya. Abba fa?"

Hajiya ta ajiye murfin. Mace ce da ba a kayar da ita a magana, maƙwabta ma sun san haka, amma yau muryarta ta yi ƙasa.

"Kin san me ya ce ranar da ya yanka ragon nan? Ya ce, Zulai, ki ajiye min rabona, in Allah ya kai mu. Ga shi Allah ya kai mu. Yanzu in ce masa me, 'yarka ta ga hoto?"

Maganar ta soki Yusra, idonta ya ciko. "Ki ce ni na hana. In zai yi fushi ya yi da ni. Yanzu zan je kasuwa in sayo sabon yanka, kafin magariba ya nuna."

Yusra ta sa tsumma ta sauke tukunyar da kanta, ta kai ta bayan kicin ta rufe. Ta wanke hannu ta nufi ɗakin Malam tana shirya yadda za ta faɗa masa.

"Yusra," Hajiya ta kira ta a hankali daga baya. Da ta waiwayo, Hajiya ta sunkuyar da kai.

Malam Saleh na zaune a kan darduma ya jingina da gado, sanye da farar riga da ta yi masa yawa. Fuskarsa a sake take, rabon da ta ga haka tun kafin azumi. A gefensa akwai ƙaramin kwano da cokali, an sharce shi tas, sai ƙashi biyu.

"Uwata, ke ce?" ya ce. "Kin zo a daidai. Na matsa wa Ummanku ta ɗan ɗiba min tun azahar. Wata biyu komai ɗaci yake min a baki, yau na ji daɗin abinci."

Yusra ta dubi agogon bango. Ƙarfe huɗu saura kwata. Ta zauna kusa da shi, ta ɗora bayan hannunta a goshinsa, ɗaya hannun na lalubo lambar likita a waya.

Malam ya yi mata murmushi. Ya tura mata kwanon. "Je ki ce ta ƙaro min ko romon ne."