Datar Ranar Alhamis

Tun da labari ya iso rugar Mudi cewa 'yarsa Anisa ta haihu a Maraɗi, an sa wa jaririyar sunan marigayiya matarsa Uwani, barcinsa ya canza. Kullum sai ya yi mafarkin yarinya tana tafe cikin shanu, da ƙwaryar nono a ka. Ya kira ta, ta waiwayo, sai ya farka bai ga fuskar ba.

A rugarsu, can bayan Katuru, waya ba ta kamawa. Sai ranar Alhamis, in ya kai dabbobi kasuwar Shinkafi.

Alhamis ɗin da ta wuce ya sayi datar dare, don an ce ita ta fi yawa, ta fi araha. Ya yini yana danna kiran bidiyo, shiru. Datar ba ta aiki sai dare ya raba, kuma kafin gari ya waye ta mutu. A lokacin yana ruga, cikin mafarkinsa.

Yau ya tsaya a rumfar Shu'aibu mai sayar da kati, ya dogara da sanda.

"Sa min datar wata guda. Babba."

Shu'aibu ya yi dariya. "Baffa, yau kuma sarauta ake ji? Kwana nawa kake samun sabis a mako?"

"Guda."

"To ta wata kwana talatin gare ta. Alhamis huɗu za ka mora, sauran kwanakin tana kwance cikin aljihu, ranarta ta cika ta tafi da abin da ya rage. Ta mako ma haka, kwana shida na banza."

"Ni ban sayen ƙaramin abu."

"Saniya kake saye, ko jika kake son gani? Yaushe mijin Anisa ke ba ta waya?"

"In ya komo cin abinci, bayan azahar."

"Ɗauki ta kwana ɗaya. Awa ashirin da huɗu daga yanzu. Amma wadda za ta ishi bidiyo, don bidiyo ci gare shi kamar bijimi. Wani mako ka sake."

Mudi ya daɗe yana kallon ƙasa. Sannan ya miƙa wayar.

Bayan azahar ya zauna a gindin dalbejiya, nesa da kara, inda ake cinikin shanu. Ya danna. Hoton ya yi ta rawa kamar fuska a cikin ruwan rijiya, sannan ya tsaya cak. Anisa ce, tana cewa, "Baffa, kana ganinmu?" Ta ɗago jaririyar.

Goshin nan ne, na marigayiya. Faffaɗa, da ɗan lotsawa a tsakiya. Hayaniyar kasuwa ta ja baya, kukan shanu ya koma kamar daga wani gari.

"Uwani," in ji Mudi a hankali, "ashe kin waiwayo."