Ma'anar da Lauwali Ya Sauya

Shekara biyu cur Lauwali yana hawa duwatsun Gwiwa da rakoda a rataye, saboda tsohuwa ɗaya, Dela. Ita kaɗai ta rage da ta san yadda Maguzawan wajen suke yanka wa iskoki kafin shuka. Kundinsa na digiri na biyu a sashen nazarin addinai kacokan a kan bakinta ya tsaya.

A gabatarwa ya rubuta cewa, a wannan bincike kawai, addini shi ne yarda da wasu halittu na ɓoye, tare da bauta mai tsari wadda jama'a suka haɗu a kanta. Malaminsa na jami'a ya ce ma'anar ta yi, don ba ta fidda kowa ba, ba ta kuma kwaso har ƙwallon ƙafa ta ce addini ne ba.

Sai tsautsayi ya kai takardun hannun Kawu Muhammadu Lawal, tsohon alƙali a Kazaure, wanda ya riƙe shi tun yana maraya.

"Kai, tsafin ne addini?"

"Allah ya gafarta Malam, ma'auni ne na aiki. Yana nuna abin da zan bincika ne, bai ce gaskiya ne ko ƙarya ba."

"To, ka tanadi wannan amsar don kabari. Ko ka goge, ko kada ka sake tako mini zaure."

Wallahi tsoro ya kama Lauwali. Wajen bugawa ya cusa sharaɗi a cikin ma'anar ba da sanin malaminsa ba: sai da manzo da saukakken littafi.

Ranar kare kundi, mai jarrabawar da aka gayyato bai ko ɗaga murya ba.

"Dela tana da littafi?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"Manzo fa?"

"Shi ma babu."

"To da bakinka ka kore ta a shafi na huɗu, sannan ka ba ta babi uku. Ko ka mayar da ma'anar farko ka kare ta, ko ka cire babukan ka nemi abin da ya dace da wannan."

Malaminsa ya yi ta kallonsa, yana jira ya buɗe baki. Ina! Lauwali ya zaɓi zauren Kawu. Ya ƙara shekara, ya cike gurbin da tarihin masallatan Roni, aka ba shi digiri.

Da kaka ta yi, ya koma Gwiwa. Dela ta riga ta makance. Ta shafa bangon kundin, ta jinjina nauyinsa.

"Ɗan nan, duk maganata ce ta yi wannan kauri? Karanta mini inda nake."

Kunya ta rufe shi. Ya buɗe babin masallatai, ya kafa ido a kai, ya riƙa zubo mata kalamanta da ka.

"Madalla," in ji ta. "Kaset ɗin maganata da ka bar mini na ba jikoki sun ɗora waƙa a kai, tunda yanzu komai yana rubuce."