Kwamfutar Maisun a Saman Bene

Tun rasuwar mijinta Maisun ta dawo gidan yayanta Ziyad a garin Zarƙa. Falon gidan ba ya rabuwa da hayaniyar talabijin, saboda haka kullum da la'asar takan ɗauki kwamfutarta ta hau saman bene, ta zauna kusa da tankin ruwa, tana koya wa 'ya'yan Larabawan da ke Suwidin karatu ta bidiyo. Su biyar ne. Ban da su, ba wanda take doguwar magana da shi a yini.

Sai hoton ya fara tsayawa. Tana cikin karanta layi fuskar yaro za ta daskare, baki a buɗe, murya ta gutsure. Wayarta kuwa, a wuri ɗaya, kan waifai ɗaya, gudu take kamar ruwa. Amma waya ba ta isa ta buɗe littafi ta yi wa yaro rubutu yana gani ba.

Ta gaya wa Ziyad. Ya miƙo mata wayarsa, bidiyon ƙwallo na tafiya sumul.

"Ga shi nan lafiya lau. Ke dai, 'yar'uwa, ba ki iya ba ne."

Da ta sauko ta jona caji don ta nuna masa, kwamfutar ta ɗan saki jiki, ta ƙaryata ta. Matarsa ta yi dariya. Maisun ba ta sake tayar da zancen ba.

Iyayen yaran suka riƙa janyewa ɗaya bayan ɗaya, da saƙonni masu ladabi. Cikin wata biyu saura Lujain, 'yar shekara tara.

Ran Asabar ta kai kwamfutar shagon Abu Firas mai gyara. Ya saurare ta har ƙarshe, abin da ta daɗe ba ta samu ba, sannan ya tambaya ko a sama tana jona wuta. Ta ce babu soket. Ya bayyana mata cewa da zarar an cire caji, kwamfutar kan rage wa na'urar kama waifai ƙarfi don tattalin batir, ga nisa da rauta, akwatin da ke watsa waifai a ƙasan bene. Manhajar da ke tuƙa na'urar kuma, direba, ta shekara shida ba a sabunta ba. Ya sauko da sabuwa, ya mayar da saitin kan cikakken ƙarfi.

"Batir zai riƙa saurin ƙarewa, Malama. Amma ba laifinki ba ne."

Ta rubuta wa iyaye huɗun nan cewa an gyara. Biyu suka ce sun sami wani malamin, biyu ba su amsa ba.

Ran Litinin Lujain ta bayyana tar, har Maisun ta ga ta yi giɓi a haƙora. Yarinyar ta karanta shafi guda ba tsayawa, ta ce za ta tafi iyo. Maisun ta rufe kwamfutar, ta zauna tana kallon tattabarun maƙwabta har aka kira magariba.