Alherin Alhaji Bubayero

"Alheri? Alheri ya kira wannan?" Suwaiba ta wurgar da ambulan ɗin kuɗin da mijinta ya kawo kan tabarma.

"Haka Alhaji Bubayero ya ce," in ji mijinta Gwadabe, direban da kamfanin naman Alhajin da ke unguwar Diobu ya sallama yau, saura wata bakwai kwantiraginsa ya ƙare. "Har godiya na yi."

"Godiya a kan guminka! Yarjejeniyarku ta ce notis na wata guda, ko albashin wata a madadinsa. Ya ba ka notis?"

"A'a."

"Alawus ɗin gidan da ya maƙale fa? Malam, jibi mai gidan nan zai watso mana kaya waje!"

"Sahunmu ɗaya a masallaci, Suwaiba. Takardar neman haƙƙi tsakaninmu rashin kunya ce."

"Shi da ya kore ka, ya ji kunyar?"

Gwadabe ya ƙura wa ambulan ɗin ido, zuciyarsa na tafarfasa.

"Miƙo biro," in ji shi. "Zan rubuta ranar sallama, in jera haƙƙina, in cire alherin nasa, ya tabbatar da ragowar a rubuce. Kuma sai sun buga wa kwafina hatimi zan baro ofishin."