Akwatin da ke jin kunyar baƙo

Sau biyu Hamid yana zuwa daga garin Sinnar saboda famfon kakansa, kuma duk zuwan da ya yi sai ya tarar famfon yana aiki kamar bai taɓa ciwo ba.

Gonar kakan nasa, Alhaji Sodangi, tana bakin kogi, kudu da garin Abu Na'ama. Faifan sola ne ke ba da wuta, wutar ta bi ta wani farin akwati da aka ɗaure a jikin turken ƙarfe, akwatin kuma shi ke juya famfo. Tun da aka yi dashen albasa akwatin ya tsiro da hali. Da safe zai yi aiki, rana na ɗagawa sai ya ɗauke, daidai lokacin da ya kamata ruwa ya fi ƙarfi, ba zai dawo ba sai rana ta yi sanyi. Ɗan ruwan safe da na yamma ba ya kai wa kwamin da ke can ƙarshe. Dashen wajen ya fara kwanciya, bakin ganyen ya yi fari. Sabon akwati kuwa sai an aika birnin Damazin an jira, kafin ya iso albasa ta zama labari.

Zuwa na uku, Hamid bai gama kafe babur ba Dije, kakarsa, ta leƙo daga rakuba, rumfar da ke tsakar gida.

"Ga maigidana muhandis, babban injiniya. Ka zo gyara ne, ko kisrata ka biyo?"

"Ke na biyo. Tsohon nan ya kusa sallama mini ke."

Alhaji, da ke kishingiɗe a kan gado, ya ce in dai gyaran irin na wancan karon ne, ko akuya ba zai sallama masa ba. Aka yi dariya. Dije ta ce a shimfiɗa tabarma, faɗur, abincin hantsi, ya kusa sauka, baƙo ba ya fita gona da yunwa.

Hamid ya tsaya da jakarsa a kafaɗa. A hanya ya yi ta juya abin a ransa. Duk zuwansa haka ake yi: a ci kisra, wainar dawa mai faɗi marar kauri, da miyar kuɓewa, Dije ta soya gahawa ta daka, a sha jabana, wato dafaffiyar gahawar, zagaye bayan zagaye, a yi azahar, a ce rana ta yi zafi a ɗan miƙe. Kafin su isa gona la'asar ta yi, inuwar mangwaro ta rufe turken, akwatin ya huce. Shi bai taɓa ganin ciwon da idonsa ba.

"Yau ba zan ci ba sai na dawo," ya ce.

Dije ta ajiye faifan da ke hannunta. Ta tambaye shi ko wani ya ɓata masa rai a gidan nan. Ya rantse babu, ya yi mata bayani cewa akwatin cikin zafi yake ɗaukewa, su kuma kullum sai ya huce suke kai masa likita.

"To ni ce na lalata famfon ke nan?"

"Ke kika ɓoye shi, amarya. Da abinci."

Ta ce ai shi ke nan, ta koma madafa. Alhaji ya ɗauki sandarsa yana gunaguni, wai a gidansa ba a taɓa fitar da baƙo cikin rana tsaka ba, ko da baƙon kishiya ne.

Hamid ya goya shi a babur zuwa gona, suka tarar da bututun famfon shiru. Hamid ya taɓa murfin akwatin ya janye hannu. Gilashin gaban, inda lambobi ke fitowa, baƙi ƙirin. Wannan ya ba shi haske: da zafi ne ya sa akwatin ya tsayar da kansa don kariya, da ya rubuta gargaɗi. Ya sa mita a inda wayoyin sola ke shiga, wuta tana nan cike. Ciwon yana ciki ke nan.

Yana kwance murfin sai ga Dije a kan hanyar kwami, da tire a ka. Ta ce tunda baƙo ya ƙi zuwa wurin jabana, jabana ta zo wurin baƙo. Ta zauna gindin mangwaro, ta dubi mijinta.

"Ka faɗa mishi kana dukan abin da sanda?"

Alhaji ya ce ba duka ba ne, taɓawa ce, kuma wani lokaci yana tashi. Hamid ya yi murmushi har haƙoransa suka fito. Abin da zafi ke kashewa, bugu ya tayar, da wuya ya zama kayan da ya ƙone. Wani wuri ne ke haɗuwa yana rabuwa.

Ya ce kowa ya matsa, akwai wuta mai kisa a ciki. Ya ɗauko siririn tsinken roba, ya sa ɗaya hannun a baya, ya shiga danna kayan da ke kan koren allon cikin akwatin a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Babu abin da ya motsa. Da ya kai kan wata ƙaramar taransifoma, wadda ke ba ƙwaƙwalwar akwatin wuta, gilashin ya yi wal. Ya saki, ya mutu. Ya sake dannawa, ya kawo.

Ya kashe makunnin sola, ya jira, ya auna da mita har ya tabbata wutar da ke taruwa a ciki ta sauka, sannan ya ciro allon ya kai inuwa. Ya juya bayan allon, ya ɗora madubin ƙara girma. A ƙafa ɗaya ta taransifomar, dalmar da ta riƙe ta ta tsage, zobe siriri kamar gashi ya kewaye ƙafar. Zafin rana da sanyin dare sun yi ta buɗa ta suna rufewa har ta gaji. In allo ya yi sanyi bakin tsagar na taɓa juna, in ya ɗau zafi sai su rabu.

Ya miƙa wa Alhaji madubin. Tsohon ya daɗe yana leƙe.

"Wanga ɗan abu shi zai cinye mini albasa?"

Hamid ya jona ƙarfen narka dalma a batirin babur. Ya zuƙe tsohuwar dalmar, ya goge wurin, ya narka sabuwa har ta kwanta sumul tana ƙyalli. Ya bi sauran ƙafafun ya sabunta su. Da ya mayar da allon ya kunna, lambobi suka fito, famfo ya yi gurnani, ruwa ya tudo ya kama hanyar kwami.

Alhaji ya fara hamdala, Hamid ya ce a dakata, allon ya sha inuwa, ba a san gaskiyarsa ba tukuna. Ya rufe murfin ya bar shi a rana. Suka zauna gindin mangwaro, suka ci kisra, Dije tana zuba jabana tana cewa ba ta taɓa ganin mutum ya ci abinci ido na kan turke ba. Aka yi azahar a nan. Murfin ya yi zafin da ba a iya taɓawa, ruwa bai tsaya ba. Hamid ya ce wa kakansa ya gwada sandar sau ɗaya, a hankali. Alhaji ya ɗan ƙwanƙwasa, gilashin ko ƙiftawa bai yi ba.

Daga nan tsohon ya naɗe wando ya ɗauki fartanya, ya bi ruwan yana buɗe masa bakin kwami, har ya isa na ƙarshe inda dashen ya kwanta. Daga can ya ɗaga murya ya ce a gaya wa muhandis ya ci akuya, amma matar tana nan.

Hamid ya ce gobe a yi wa akwatin 'yar rumfa, iska na shiga, kuma a raba shi da sanda. Dije ta ce rumfa mai sauƙi ce, sandar ce ba ta yi alkawari ba. Ta cika masa finjali, ta ce wannan karon sai ya shanye kafin ya tashi.