Ajin da Ya Ari Muryar Malam

Malam Ƙararrawa ake ce masa, don in ya buɗe baki a aji shida, har 'yan aji ɗaya sai sun ɗago kai. Shekara da shekaru hanyarsa guda ce, ya faɗa, yara su maimaita, ya rubuta, su kwafa. To, me zai yi? Yara sun haura ɗari, littafin kimiyya bakwai ne kacal. Duk wanda ya zo masa da zancen a bar yaro ya gano abu da kansa, sai ya ce ya zo ya gwada a ajin nan tukuna.

Sai ga shi likitoci sun yi masa aiki a maƙogwaro, murya ta tafi. Ko tari ya yi, iska ce kawai ke fita.

Shugabar makaranta ba muguwa ba ce, amma ba ta da rufa-rufa. "Malam, zan shigo in ga ajin," in ji ta. "In darasi yana tafiya, shi ke nan. In ba ya tafiya, sito na neman mai kula da shi."

Sito! Ɗakin karyayyun bencina da ɓeraye. Tsoro ya kama shi sosai, don bai san kansa ba sai a gaban allo.

Dole ta sa ya koma ga abin da ya raina. Ya rubuta a allo cewa su kasu rukuni bakwai, kowane rukuni da littafi ɗaya, su tattauna yadda ruwa ke zama tururi. Bencinan a haɗe suke da tebura, ba wurin juya su, sai yara suka karkace, wasu a ƙasa, wasu kan taga. Littafi ɗaya tsakanin kai goma sha biyar, na gefe ko hoton ba sa hangowa. Ya zata hayaniya za ta ɓarke, amma sai ajin ya yi tsit.

Can sai yarinyar da ke riƙe da littafi a rukunin farko ta miƙe, ta sa hannun hagu a bayanta, ta yi gyaran murya. Tsigar jikin Malam ta tashi, don gyaran muryarsa ne, sak. "Zafi yana mai da ruwa..." Ta ja ƙarshen yadda yake ja.

"Tururi," in ji rukuninta.

Mai littafi na biyu ya miƙe, na uku ma haka, har bakwai ɗin suka tsaya, kowa da hannu a baya, kowa ya langaɓe kai hagu. Ba dariya, ba kwaikwayon tsokana. Ko littafin ba sa dubawa. Muryoyinsu suka haɗu suka zama ɗaya mai kauri, irin wadda ya baro a asibiti.

Ya jiƙa tsumma ya shafa a gefen allo. Suna kallo damshin ya bushe. Ya rubuta a ƙasa: "Ina ruwan nan ya tafi?" Ya nuna wani yaro. Yaron ya kalle shi fayau, kamar taga ce a gabansa. Sai ajin duka ya karanta da baki ɗaya, "Ina ruwan nan ya tafi?" Suka sunkuya suka kwafe tambayar, har da alamarta, suka ɗago suna jiran layi na gaba.

A nan Shugaba ta shigo. Masu littafi suka ci gaba daga inda suka tsaya. Ta zaga rukuni-rukuni tana gyaɗa kai, fuskarta fal murna.

"Ikon Allah. Ai wannan shi ne abin da ake ta koya mana a bita, yara na koyar da junansu. Malam, ka yi aiki." Ta juyo ta dube shi. "Ka san malamai sun yi mana kaɗan. Tunda ajin na tafiya da kansa, zan riƙa leƙo su. Kai ka je sito ka hutar da maƙogwaronka."

Ya kama alli zai rubuta mata cewa ko ɗaya bai gane komai ba. Ya dubi allon, ya dubi fensirori sun tashi sama suna jiransa. Duk abin da ya rubuta, karanta shi za su yi su kwafe. Ya ajiye allin.

Bango ɗaya ne tsakanin sito da aji shida. Ya share ƙura daga wani benci mai ƙafa uku ya zauna. Ta cikin bangon ya ji muryarsa ta kai ƙarshen darasi, ta ɗan dakata, ta ce, "Kun gane?"

"Mun gane," in ji aji.

Sai da ya taɓa bakinsa ya ji ashe leɓɓansa ma sun amsa tare da su.